Babi na Shida: Wasiƙar Mai Takaba Zuwa Banki

Ranar da banki ya samu labarin rasuwar mai asusu, abu na farko da yake yi shi ne ya toshe hanyar fitar kuɗi. Kuɗi na iya ci gaba da shiga, amma ko kwabo ba zai fita ba, ko ta kati, ko ta waya, ko ta cakin da marigayin ya sa wa hannu kafin ya cika. Mata da yawa suna ganin wannan zalunci ne: ga marayu, ga kuɗin haya, ga na makaranta, ga dukiyar maigida a ajiye, an ce ba za a taɓa ba. Dalilin bankin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Da mutum ɗaya ya ƙulla yarjejeniya, kuma iznin da mutumin ya bayar na a fitar da kuɗinsa ya faɗi ranar da ya rasu. Daga wannan rana kuɗin ya zama na magada, banki kuma bai san su ba. Idan ya miƙa wa uwargida yau, gobe amarya ta zo da takardar kotu, daga aljihunsa zai sake biya.

Saboda haka wasiƙar da mace za ta rubuta ba ita ke fitar da kuɗi ba, komai daɗin lafazinta. Takardar kotu ce ke fitar da shi. Aikin wasiƙa shi ne ta buɗe maganar a rubuce, ta kuma rufe ta a rubuce, shi ya sa wasiƙun biyu ne: ɗaya kafin a je kotu, ɗaya bayan an dawo. Wadda ta haɗe su wuri guda, ta rubuta tun ranar farko cewa a ba ta kuɗin mijinta, amsar da za ta samu ita ce "Hajiya, sai kin kawo takardu", ta koma gida ba ta san waɗanne ba.

Don maganar ta zauna, bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ɗan kasuwa ne a Kano ya rasu, ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya uku, maza biyu da mace ɗaya, dukansu ba su balaga ba. Mahaifinsa ya riga shi rasuwa. Yana da asusun ajiya a wani banki, wanda ya buɗe tun yana saurayi, kuma a gurbin da fom ɗin banki ya rubuta Next of Kin, sunan ƙaninsa ya sa. Uwargida ce mai ɗan karatun boko, ita za ta ɗauki alƙalami.

Tun kafin a share makoki ƙanin zai ce ai shi aka rubuta, don haka shi ke da ikon kuɗin. Ba haka ba ne. Wanda aka rubuta a wannan gurbi mutum ne da banki zai nema idan ya rasa mai asusu ko wani abu ya same shi, iyakarsa ke nan. Rubuta sunan bai ba shi gado ba, bai kuma ba shi ikon cire kuɗi ba. A misalinmu ma ƙanin ba shi da ko sisi a gadon, domin ɗa namiji yana katange 'yan'uwan mamaci. Haka nan da sunan uwargidan ce a gurbin, ita ma ba za a danƙa mata kuɗin don wannan kaɗai ba.

Akwai kuma wata gajeriyar hanya da ake yawan bi, wadda nake ganin ita ce tushen yawancin rigingimun gado na wannan zamani. Wayar marigayi tana hannu, katinsa na cikin aljihun rigarsa, wani a gidan ya san lambar sirri, sai a yi shiru kada banki ya ji, a riƙa cira kaɗan-kaɗan, wai don sadakar uku da ta bakwai. Duk abin da ya fita yana rubuce da ranarsa da sa'arsa. Ranar da alƙali ya nemi bayanin shige da ficen asusun, takardar mutuwa ta ce Talata ya rasu, bayanin banki ya nuna an ciri dubu ɗari biyu ranar Alhamis, to wanda ya riƙe wayar shi zai yi bayani, a gaban kishiya da uwar miji. A doka cire kuɗi da sunan mamaci laifi ne, a shari'a kuma taɓa dukiyar marayu ne kafin rabo. Abin da ya kamata a yi da wayar shi ne a adana ta, a riƙa sa mata ɗan kati don layin ya ci gaba da rai. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sayar wa wani, ga shi kuwa a kansa saƙonnin banki ke sauka. Tsofaffin saƙonnin nan su ne sukan tona cewa marigayi yana da wani asusun a wani banki, ko a OPay ko Moniepoint, wanda ko matansa ba su san da shi ba.

Babbar takardar da wasiƙar farko take buƙata a bayanta ita ce shaidar mutuwa. Idan a asibiti ya cika, likita zai ba da takardar da ke nuna rana da sababi, a kai ta ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, ta ba da takardar shaidar mutuwa. Hukumar tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi, ba sai an je Abuja ba. Matsalarmu a Arewa ita ce da yawa a gida suke cikawa, a yi jana'iza kafin la'asar, babu likitan da ya gani. A irin wannan sai wani babba a gidan ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa wane ya rasu rana kaza a wuri kaza, a haɗa da wasiƙar mai unguwa ko dagaci, a kai wa hukumar. Kafin a baro ofishin a tsaya a karanta takardar harafi bayan harafi, domin a nan ne ciwon kai yake farawa.

Bahaushe yana da suna uku ko huɗu, kowanne na gaskiya. A gida Garba, a makaranta Abubakar, a kasuwa Habu mai atamfa, a fom ɗin banki kuma ya ƙara da sunan garinsu. Muhammad kaɗai ana rubuta shi ta hanyoyi da yawa: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mamman. Ma'aikacin da zai duba takardun a hedikwatar banki bai san marigayi ba, bai halarci jana'izarsa ba, sunan da ke kan takarda kawai yake gwadawa da wanda ke kan na'ura. Idan suka saɓa ko da harafi biyu ne, fayil ya dawo. Don haka kafin a rubuta komai, a nemo sunan yadda yake a banki, daga littafin caki ko tsohuwar takardar shaidar biya ko bayanin asusu, a kwafe shi daidai, a kuma tabbata shi ne ya hau takardar mutuwa da duk takardun kotu. Idan an riga an yi kuskure, maganinsa takardar rantsuwa ce daga kotu da ke cewa waɗannan sunaye duk na mutum ɗaya ne. Gara a yi ta tun farko a haɗa, da a jira banki ya nema bayan wata biyu.

Ga yadda uwargida za ta tsara wasiƙar farko. A sama ta rubuta adireshinta da lambar wayarta da kwanan wata, sannan ta fuskanci manajan reshen da marigayi ya buɗe asusun:

"Zuwa ga Manaja, reshen kaza.

Yallaɓai,

Sanarwar rasuwar wane ɗan wane, mai asusu lamba kaza.

Ni ce wance 'yar wane, ɗaya daga cikin matan marigayi wane, wanda yake da asusun ajiya mai lambar da ke sama a reshenku. Allah ya yi masa rasuwa ranar kaza ga watan kaza, shekara kaza, a Kano. Na haɗo kwafin takardar shaidar mutuwarsa da kwafin katin shaidata.

Marigayin ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya uku ƙanana. Bai bar wasiyya a rubuce ba. Za a raba gadonsa bisa shari'ar Musulunci.

Ina roƙon abu uku. Na farko, ku dakatar da fitar kuɗi daga wannan asusu da duk wani asusu da yake da shi a bankinku, ta kowace hanya. Na biyu, ku ba ni a rubuce jerin takardun da kuke buƙata kafin ku saki kuɗin ga magada, ku kuma bayyana ko kuna karɓar umarnin Kotun Shari'a ko sai takardar Babbar Kotun Jiha. Na uku, ku sanar da mu ko akwai bashin da kuke bin marigayin, kuma ko bashin yana da inshora.

Na gode.

Wance 'yar wane."

Ba ta ambaci yunwa ba, ba ta ambaci ƙanin miji ba, ba ta kuma ce ita kaɗai ce matarsa ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Wasiƙar za ta zauna a fayil, kuma wata rana ana iya karanta ta a gaban alƙali. Wadda ta ɓoye kishiya ko 'ya'yan wata da aka saka tun da daɗewa, da hannunta ta rubuta hujjar da za a kama ta da ita. Lambar asusu kuwa guda goma ce a kowane bankin kasuwanci na Najeriya, a ƙirga ta bayan an rubuta. Idan an san lambar BVN ta marigayi, mai guda goma sha ɗaya, a sa ta, domin da ita banki zai ga sauran asusunsa da ke wurinsu.

Bankunanmu da Turanci suke aiki, don haka a ƙarshe da Turanci wasiƙar za ta shiga. Shawarata ita ce mace ta fara tsara ta da Hausa kamar yadda ke sama, sannan wani amintacce ya juya ta, ya karanta mata abin da ya rubuta kafin ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Kada ta sa hannu a farar takarda don wani ya ce zai cike daga baya, ko da ɗan'uwanta ne.

A yi kwafi biyu. A miƙa ɗaya a teburin kula da abokan hulɗa, a ce su buga hatimin karɓa a ɗayan, da kwanan wata da sa hannu, a dawo da shi gida. Wannan kwafi mai hatimi shi ne shaidar cewa banki ya sani tun rana kaza. Idan kuɗi ya fita bayan wannan rana, bankin ne da amsa tambaya. Takardun asali kuma a riƙe su a hannu, a nuna, ma'aikaci ya gwada da kwafi, a mayar cikin jaka. Ba a barin su a banki.

Wata za ta ce ai tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, yaya za ta yi da zuwa banki? Malamai sun yarda mai takaba ta fita da rana don buƙatar da ta zama dole, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Idan kuma ba ta son fitar, wasiƙar farko ba sai da ƙafarta ba, yayanta ko waliyyinta na iya kaiwa ya karɓo hatimi. Abin da ba shi da kyau shi ne a jira sai an fita takaba sannan a sanar, kati da waya suna yawo a hannun mutane.

Kada uwargida ta yi mamaki idan ta tambayi nawa ne a ciki aka ƙi faɗa mata. Ma'aikaciyar za ta ce, "Allah ya ji ƙansa, Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Amma adadin sai kotu ta tambaye mu." Ba wulaƙanci ba ne, sirrin asusu bai faɗi da mutuwa ba, kuma kotu ce ke da ikon buɗe shi.

Daga nan hanya ta rabu biyu, shi ya sa tambaya ta biyu a wasiƙar take da nauyi. Hanyar da Musulmin Arewa suka fi sani ita ce ta Kotun Shari'a, ko Kotun Yanki a jihohin da ke amfani da wannan suna. Ɗaya daga cikin magada ya shigar da buƙatar rabon gado, alƙali ya kira sauran, a kawo shaidu su tabbatar da mutuwa da aure da 'ya'ya, a lissafa dukiya da basussuka. Kotun ce za ta rubuta wa banki ta nemi adadin da ke cikin asusun, sannan ta ba da umarni mai hatimi kan yadda za a fitar da shi. Auren da ba shi da takarda, kamar yawancin aurenmu, a nan ake tabbatar da shi ta bakin waliyyi da waɗanda suka halarci ɗaurin aure.

Hanya ta biyu ita ce ta Babbar Kotun Jiha, sashen kula da dukiyar mamata, inda ake ba da takardar iznin kula da gado, wadda a kanta aka buga Letters of Administration. Wannan ta wanda ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba ce. A nan ana sayen fom, a cike sunayen magada da jerin dukiya, a kawo masu tsayawa. Sashen zai ba da wata takarda a kai banki ya rubuta adadin kuɗin ya buga hatimi, a dawo da ita, a lissafa kuɗin da za a biya gwamnati bisa wannan adadi. Sai a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 21 ko wani zai fito ya ce bai yarda ba. Galibi mutum biyu ake naɗawa, musamman idan akwai yara ƙanana. Watanni take ɗauka, ba makonni ba. Kirista da duk wanda ba a raba gadonsa bisa shari'ar Musulunci wannan ce hanyarsa, kuma akwai bankunan da ko ga Musulmi ita suke nema, musamman idan kuɗin yana da yawa. Idan kuma kuɗin ɗan kaɗan ne, wasu bankuna suna da sassauƙan tsari, a tambaya. Abin takaici ne mace ta gama zirga-zirgar kotu ɗaya, ta biya kuɗi, sannan a ce mata ta ɗaya kotun ake so. Amsar banki a rubuce tun farko ita ke hana wannan.

Kowace hanya aka bi akwai kason da hukuma ke karɓa, wanda tsofaffi har yau suke kira ushira, kuma yawansa ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A tambayi adadinsa a ofishin rajistara, a biya inda aka ce a biya, a karɓi rasit na gwamnati. Wadda ba ta da halin ɗaukar lauya tana iya zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke jiharta, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Wa za a naɗa? A misalinmu, abin da ya fi kwantar da hankali shi ne uwargida da wani daga ɓangaren amarya, ko ita da wani dattijo daga dangin miji wanda kowa ya yarda da shi. Mace tana da cikakken ikon a naɗa ta, kada a ce mata wannan aikin maza ne. Sai dai ta san cewa wanda aka naɗa ɗan aike ne, amana aka ba shi ya karɓo ya raba, kuɗin bai zama nasa ba.

Yanzu a ce banki ya amsa wa kotu cewa akwai naira miliyan uku a asusun. Ba a fara rabo daga miliyan uku. Da farko a fitar da kuɗin jana'iza idan wani ya ranta, sai bashi, sai wasiyya idan akwai, wadda ba ta wuce sulusin abin da ya rage, sannan gado. A nan mata ke yawan yin asara saboda kunya. Ragowar sadakin da ba a biya ba bashi ne. Kuɗin adashinta da ta ba maigida ya ƙara jari bashi ne. Kuɗin awakinta da ya sayar ya ce zai mayar bashi ne. Duk waɗannan kafin rabo ake cire su, amma sai ta faɗa a gaban alƙali, ta kawo shaida ko magada su amince. Idan ta yi kawaici aka raba, karɓowa daga hannun mutum biyar ba ƙaramin aiki ba ne.

A ce basussuka da kuɗin kotu sun tashi naira 600,000, saura 2,400,000. Tunda akwai 'ya'ya, rabon mata sumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, naira 300,000, kuma su biyun ne za su raba shi, kowacce 150,000. Da babu ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji, da rubu'i ne. Mahaifiya tana da sudusi, naira 400,000. Saura 1,700,000 na 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mace biyu: a kasa biyar, kowane kaso 340,000, maza su samu 680,000 kowanne, mace ta samu 340,000. Waɗannan kaso suna cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Ga shi nan dai, daga miliyan uku da ake ta magana, abin da ya zama na uwargida ita kanta 150,000 ne, sai bashinta idan ta tabbatar da shi. Gara ta san wannan tun kafin ta ci bashi da sunan kuɗin banki na nan tafe. Kason yaran kuma nasu ne, a nemi alƙali ya rubuta ƙarara wanda zai riƙe shi da inda za a ajiye. Idan ɗaya daga cikin matan tana da juna biyu, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu, don haka a faɗa tun zaman farko.

Bashin banki shi ma yana cikin lissafi. Idan marigayi ya ci rance a bankin, suna da ikon cire abin da suke bi daga ajiyarsa kafin su saki saura. Amma rance da yawa, musamman na ma'aikata masu albashi, ana haɗa shi da inshorar da ke biyan ragowar idan mai bashi ya rasu. Ba kullum ake tuna wa magada da wannan ba, shi ya sa aka sa tambayar a wasiƙar farko. Magadan da ba sa son kuɗin ruwa ya shiga rabonsu kuma su nemi cikakken bayanin asusu, a ciki za su ga abin da banki ya riƙa ƙarawa, su ware shi.

Da takardar kotu ta fito, sai wasiƙa ta biyu. Wannan waɗanda kotu ta naɗa ne za su sa mata hannu, dukansu:

"Yallaɓai,

Buƙatar sakin kuɗin marigayi wane ɗan wane, asusu lamba kaza.

Muna tuni da wasiƙarmu ta ranar kaza, wadda kuka karɓa kuka buga wa hatimi. Kotu kaza ta naɗa mu, wance 'yar wane da wane ɗan wane, mu karɓi dukiyar marigayin a madadin magada, bisa takarda mai lamba kaza ta ranar kaza.

Muna roƙon ku rufe asusun, ku mayar da duk abin da ke ciki zuwa inda takardar kotun ta ambata, ku kuma ba mu bayanin shige da ficen asusun daga ranar rasuwa zuwa ranar rufewa.

Mun haɗo kwafin takardar kotu, da na shaidar mutuwa, da na katin shaidar kowannenmu da lambobinmu na NIN da BVN, da hotunanmu, da takardar shaidar adireshi, da takardar rantsuwa kan sunayen marigayin. Mun kuma dawo da katinsa da ragowar littafin cakinsa. Takardun asali suna hannunmu don ku gani."

A duba cewa takardar kotun ta ambaci sunan bankin da lambar asusun. Banki ba ya sakin abin da ba a lissafa a ciki ba, kuma idan daga baya aka gano wani asusun, sai an koma kotu an ƙara shi. Inda aka bi ta Babbar Kotu, yawanci banki zai buɗe sabon asusu da sunan dukiyar marigayin, sunan yana farawa da Estate of, waɗanda aka naɗa su zama masu sa hannu, daga nan su biya kowane magaji. Inda aka bi ta Kotun Shari'a, umarnin alƙali ne zai faɗi inda kuɗin zai tafi. Ko ta ina ne, a tura wa kowa rabonsa ta asusu, ko a sa shi ya sa hannu a gaban shaidu cewa ya karɓa.

Bayan an miƙa, reshe zai aika wa sashen shari'a na bankin, su kuma su tuntuɓi kotun su tabbatar takardar ba ta jabu ba ce. A nan ne fayil yakan kwanta. Mai bibiya ya tambaya ƙarara: an aika wa kotu? Yaushe? Kotu ta amsa? Sau da yawa wasiƙar bankin tana kan teburin rajistara ba wanda ya waiwaye ta, zuwa ɗaya ya isa ya tashe ta. Idan kuma takardu sun cika, kotu ta amsa, aka ci gaba da "ki dawo mako mai zuwa", sai a rubuta takardar koke ga bankin, a karɓi hatimi da lambar koke. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce a ba banki mako biyu. Idan bai warware ba, a kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin, a haɗa da kwafin wasiƙun nan masu hatimi.

Akwai matan da mazansu suka rasu shekaru da yawa, suka je banki sau ɗaya aka ce su kawo takardu, suka haƙura, suna zaton kuɗin ya bi ruwa. Bai bi ba. Bisa ƙa'idar da Babban Bankin ya fitar a 2024, kuɗin asusun da ya yi shekara goma a kwance ana mayar da shi wani asusun amana a Babban Bankin, kuma magada suna da ikon nemansa ta hannun bankin da aka yi ajiyar, da irin waɗannan takardu da muka lissafa. Idan kina cikinsu, ki nemo lambar asusun da takardar shaidar mutuwa, ki rubuta wasiƙar farko.